Yadda ake gane raunin sahun baya a wasan ces, da lokacin buɗe wa sarki taga ko faɗa wa na abokin wasa

A fadojin Maradi da ake shimfiɗa allon ces kusa da butar shayi, yawancin wasannin sababbin hannu ba sa ƙarewa da wata doguwar dabara. Mutum yana gaba da kaya, ya ɗaga tur ɗinsa ya tafi cin soja guda, sai kawai tur ɗin abokin wasa ta sauko sahunsa na ƙarshe, a ce mat. Sarki na tsaye a bayan sojojinsa uku, su da aka ajiye don su tsare shi, su ne suka toshe masa hanyar gudu. Masu koyo da Faransanci suna kiran wannan mat ɗin lungu, sunan kuma ya dace, domin sarki na cikin lungu ne mai ƙofa ɗaya.

Kayan aiki

Allon ces da ƴaƴansa. In babu, ka samu kwali mai faɗi ka zana gida 64, takwas sau takwas, ka baƙanta ɗaya ka bar ɗaya, ka tabbata gidan kusurwar hannun damanka fari ne. Marafan kwalba sun isa su zama ƴaƴa in ka rubuta suna a kansu. Abin da ba a yi ba tare da shi ba shi ne sunayen gidaje: haruffa a zuwa h a gindin allo daga hagun Fari, lambobi 1 zuwa 8 a gefe daga wajen Fari zuwa wajen Baƙi. In kana da waya, manhajar Lichess kyauta ce, tana da wurin jera tsayuwa, kuma layukan da na sa a ƙasa za ka iya liƙa su a can kai tsaye.

Ga sunayen da zan yi aiki da su: sarki, sarauniya, tur, fu mai tafiya a karkace, doki, da soja. Sahu shi ne layin kwance, titi shi ne layin tsaye. Sahun bayan Fari shi ne na 1, na Baƙi shi ne na 8. Taga kuwa ita ce tura soja ɗaya daga gaban sarki don ya samu gidan fita. A littattafai za ka ga ana ce mata luft, kalmar Jamusanci ce mai nufin iska.

1. Ka duba abubuwa uku kafin ka ce akwai rauni

Jera sarkin Fari a g1, sojoji a f2, g2 da h2, kamar yadda suke bayan an yi gajeren rok, wato tafiyar da sarki da tur ɗin h1 ke yi tare. Ɗora tur ɗin Baƙi a e1. Sarki ba ya iya hawa sama, sojojinsa ne a can. Ba ya iya zuwa f1 ko h1, duka suna kan layin tur. Wannan shi ne hoton da za ka riƙe a ka.

Amma ganin sojoji uku a jere kaɗai bai isa ba, kusan kowane wasa haka yake bayan rok. Rauni na gaske sai abubuwa uku sun haɗu. Na farko, sarki ba shi da gidan fita a sahu na biyu. Na biyu, akwai titi buɗaɗɗe, ko wanda za a iya buɗewa da ci guda, da tur ko sarauniyar abokin wasa za ta bi ta sauko. Na uku, masu gadin sahun sun yi kaɗan. Muddin ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, babu gaggawa. Haka kuma ka riƙa tunawa da sojan da ya kusa zama sarauniya: sojan Baƙi da ke d2 mahari ne a kan sahun baya kamar tur.

Wannan duban ana yi wa ɓangarori biyu ne, naka tukuna, sannan nasa. Ka yi shi duk lokacin da aka yi musayar tur, da duk lokacin da hannunka ya nufi ɗaga tur ko sarauniya daga sahun baya.

2. Ƙidaya a kan gidan shiga

Gidan shiga shi ne inda buɗaɗɗen titi ya haɗu da sahun baya. In titin e ne a buɗe, gidan shiga na Fari shi ne e1. Ka ƙidaya kayan Baƙi nawa ne ke kallon e1, har da wanda ke ɓoye a bayan ɗan'uwansa a titi ɗaya, sannan ka ƙidaya kayan Fari nawa ne za su iya ci a e1.

Nan ne kuskuren lissafi ya fi yawa. Tur ɗin da ke zaune a e1 ba ta gadin kanta, kada ka sa ta cikin masu gadi. A ce Baƙi na da tur biyu a e7 da e8, Fari na da tur a e1 da sarauniya a d2. Ido na cewa biyu da biyu ne. Ba haka ba ne: tur ta ci e1 da eshek, wato tana kai wa sarki hari, sarauniya ta rama, tur ta biyu ta ci sarauniya, mat. Maharan biyu ne, mai gadi ɗaya. Ƙara wa Fari tur a a1, kuma babu komai tsakaninta da e1, sai lissafi ya canza: tur ta ci, tur ta rama, ta biyu ta ci, sarauniya ta rama, Fari ya tsira. Ƙa'idar ita ce maharan su fi masu gadi yawa, ko da guda ne.

Akwai kuma mai gadi iri na biyu, wanda ba ya ci amma yana shiga tsakani. Fu ɗin Fari a d3 na iya dawowa f1 ya tare eshek ɗin da ya zo daga e1, sarki a g1 kuma na kare shi. Wannan kariya ce ta gaske. In sarki a h1 yake, tarewa a f1 ɓata kaya ce kawai, za a ci mai tarewar da wani eshek ɗin. Shi ya sa sarkin da ya matsa kusurwa ya fi na g1 shiga haɗari. Kada kuma ka ƙidaya abin da aka ɗaure: dokin da in ya motsa za a ga sarki, ba mai gadi ba ne.

3. Yanke shawara: taga yanzu, ko sai an jima

Taga tafiya ce guda da ka kashe, kuma soja ba ya komawa baya. Saboda haka tura h3 tun farkon wasa don tsoro kawai ba hikima ba ce. Lokacin da tur ɗinka biyu ke sahun baya suna ganin juna, tituna kuma a rufe, bar sojojin nan yadda suke, a jere sun fi ƙarfi. In kun yi rok a ɓangarori daban, abin ya fi muni, domin sojan h3 ya zama maƙali: Baƙi zai turo sojansa g5 sannan g4, ya buɗe titi a kan sarkinka da sauri fiye da in ba ka taɓa komai ba.

Lokacin taga yana zuwa ne idan mai gadin sahunka yana da aiki a waje. Ka tambayi kanka: tur ɗin nan da ke d1, ina son ta hau d7, ko ta ci wani abu, nan da tafiya biyu ko uku? In amsar i ce, kuma ita kaɗai ce ke gadi, to ka buɗe tagar tun ana zaman lafiya, lokacin da abokin wasa bai yi maka barazanar komai ba. Wanda ya jira sai rikici ya kaure ba zai samu tafiyar da zai kashe ba. Mafi daɗi ita ce tagar da ke zuwa kyauta, kamar h3 da ke korar fu daga g4: shi ne zai kashe tafiya wajen janyewa, kai kuwa ka samu iska.

Yanayi ɗaya ne kawai nake yarda a bar sahun baya a buɗe a tafi hari: idan kowace tafiyarka eshek ce, ko barazanar da dole ya amsa, kuma ka lissafa ta har ƙarshe. Da zarar ka ga tafiya ɗaya a cikin jerin da zai samu numfashi, tsaya ka duba me zai yi da ita a sahunka.

4. Zaɓen tagar da ta dace

Wannan matakin ne ya fi cin mutane, domin akwai tagar da ba taga ba ce. Abin da za ka duba ba sojan da ka tura ba ne, gidan da ya bari ne. Tura h3 na buɗe h2, tura g3 na buɗe g2, tura f3 na buɗe f2. Tambayar ita ce ko wani kayan abokin wasa na kallon wannan gidan.

Gidan h2 baƙi ne. In Baƙi na da fu a d6, ko sarauniya a c7, kuma babu abin da ya tare karkatacciyar hanyar da ta taso daga b8 zuwa h2, to h3 bai buɗe komai ba. Tur za ta sauko e1, sarki ya nemi h2 ya tarar da ita a tsare, mat ɗin na nan yadda yake. An gudu gara an faɗa zago. A irin wannan tsayuwa g3 ce daidai, domin tana buɗe g2 kuma tana toshe hanyar fu ɗin a lokaci guda.

Gidan g2 kuwa fari ne. In Baƙi na da fu mai bin fararen gidaje, kai kuma naka ya tafi, g3 na gayyato shi h3. Daga can yana tsare g2 da f1, sarki ya koma cikin lungu mafi matsi fiye da na da, har tarewa a f1 ta daina aiki. Haka in fu ɗin na kan doguwar hanyar a8 zuwa h1. A taƙaice, ka buɗe gidan da launinsa ya saɓa wa launin fu ɗin da ya rage masa. In yana da duka biyun, ka duba wanne ne hanyarsa ke toshe da soja a tsakiyar allo.

Ita f3 ta fi dacewa bayan sarauniyoyi sun fita. Da sarauniya a allo tana buɗe hanyar a7 zuwa g1, eshek ya riƙa zuwa daga b6 ko c5. Kuma in tur ɗin Baƙi ta riga ta zauna a sahu na biyu, f2 a tsare take.

Wani abu game da h3 da ba a cika faɗa wa mai koyo ba: tana hana mat, amma ba ta hana asara. Sarauniya ta ba da eshek a e1, sarki ya hau h2, sojan f2 ya rasa mai kare shi, a cinye shi. Ka duba wannan kafin ka saki jiki.

In dogon rok ka yi, sarki na b1 bayan a2, b2 da c2, lissafin ɗaya ne, a3 ce ta saba zama tagar, sai ka duba ko wani na kallon a2.

5. Wani lokacin sarki da kansa ne tagar

Jera wannan: Fari na da sarki a g1, tur a d1, sojoji a a2, f2, g2, h2. Baƙi na da sarki a g8, tur a e8, sojoji a d5, f7, g7, h6. Fari ne da tafiya.

```
4r1k1/5pp1/7p/3p4/8/8/P4PPP/3R2K1 w - - 0 1
```

Sojan d5 ba shi da mai karewa, amma in tur ta ci shi, tur ɗin Baƙi ta sauka e1, mat. Mai koyo da ya gane haka sai ya buga h3. Mat ya kau, sai dai Baƙi ya shigo da tur e2, ta kama a2 da f2. Fari ya ci d5, Baƙi ya ci a2, sojan Fari ɗaya tilo da ke da buɗaɗɗiyar hanya ya tafi.

Yanzu maida tsayuwar ka gwada sarki zuwa f1. Daga f1 sarki na tsare e1, don haka babu mat, yana kuma tsare e2, don haka tur ba ta da mashiga. Barazanar cin d5 ta zama gaskiya, dole Baƙi ya ajiye tur ɗinsa tana gadin soja a d8 ko e5. Tafiya ɗaya ta yi aiki uku, ba a taɓa soja ko ɗaya ba, sarki kuma ya kama hanyar tsakiyar allo inda ake buƙatarsa a ƙarshen wasa. Idan sarauniyoyi sun fita, wannan ce hanyar da za ka fara dubawa.

Gargaɗi ɗaya: in Baƙi tur biyu gare shi, ɗaya a titin e, ɗaya a titin d, sarki a f1 bai tsira ba. Eshek daga d1 mat ne, domin e2 a tsare take. Nan ma ƙidaya ce za ta gaya maka.

6. Yadda ake faɗa wa sahun bayansa

In ka duba ka ga abubuwa ukun nan sun haɗu a wajensa, nemi mai gadin. Sau da yawa guda ne, kuma an ɗora masa aiki biyu. Aikinka shi ne ka janye shi daga wurin, ko da kyautar babban kaya ce, tun da mat ya fi kowane kaya. Ka bi wannan tsari: duba eshek ɗin da kake da su, sannan cin da za ka iya, sannan tafiyar da ke taɓa mai gadin. Bayan kowace, ka juya ka kalli naka sahun.

Wasan da ya fi nuna wannan shi ne na Ossip Bernstein da José Raúl Capablanca a Mosko cikin 1914. Capablanca ɗan ƙasar Kuba ne, shi ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, a wannan wasa kuma shi ne Baƙi. Bernstein na da tur biyu a c1 da c2, ya ga sojan Baƙi a c3 ya ci shi da doki. Aka yi musayar dawaki, aka yi musayar tur guda, musayar nan kuwa ta jawo tur ɗin da ke c1 ta hau c3. Ya samu soja, amma sahunsa ya rage da sarauniya kaɗai. Ga tsayuwar: Fari na da sarki a g1, sarauniya a e2, tur a c3, sojoji a a2, e3, f2, g2, h2. Baƙi na da sarki a g8, sarauniya a b6, tur a d8, sojoji a a7, f7, g7, h7.

```
3r2k1/p4ppp/1q6/8/8/2R1P3/P3QPPP/6K1 b - - 0 29
```

Fara da ƙidaya. Gidan shiga d1 ne, mahari ɗaya, mai gadi ɗaya. Shiga kai tsaye asarar tur ce. To, eshek fa? Sarauniya zuwa b1, Fari ya tare da sarauniya a f1, sai tur ta sauko d1 ta kama sarauniyar. Da gani kamar an gama. Amma tur ɗin d8 ita kaɗai ce ke gadin sahun Baƙi, kuma ta bar gida. Fari ya buga tur c8 da eshek, tur ta dawo d8 ta tare, a ci ta, Baƙi ne ya sha mat. Gemun ɗan'uwa na ci da wuta, nasa ma bai shafa wa ruwa ba.

Abin da Capablanca ya buga a tafiya ta 29 shi ne sarauniya zuwa b2, Bernstein kuma ya miƙa wuya nan take. Sarauniyar ta tsaya inda za a iya cin ta, tana taɓa sarauniyar Fari da tur ɗin c3 a lokaci guda, tur ɗin d8 kuwa ba ta gusa daga gadinta ba. Bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya da hannunka a allo.

In Fari ya ci sarauniya a b2, mai gadin d1 ya tafi, tur ta sauka d1, mat. In ya ja sarauniyarsa e1 don ta kare tur kuma ta riƙe sahu, Baƙi ya ci tur a c3. Ramawa na janye ta daga e1, sai tur d1 da eshek, ta dawo e1 ta tare, a ci ta, mat. In ya sa tur a c2 tsakanin sarauniyoyin, eshek a b1 ya tilasta sarauniya zuwa f1, tur ɗin c2 ta rasa mai kare ta. In ya gwada tur c8 don ya janye tur ɗin Baƙi, Baƙi ba zai ci ba tukuna, zai ba da eshek a b1, a yi musayar sarauniyoyi a f1, sannan ya ɗauki tur a c8. Akwai kuma tarko na ƙarshe, tur zuwa d3. Wanda ya yi gaggawar cin sarauniya a e2 zai sha mat a d8, domin sojan e3 ya toshe wa sarauniyarsa hanyar komawa e8. Amsar daidai ita ce eshek a b1 tukuna, daga nan tur ɗin d3 ta faɗi.

7. Gwajin da zai zaunar da abin a kanka

Kada ka kwashe tsayuwar nan. Matsa sojan Fari daga h2 zuwa h3, ka sake buga sarauniya b2. Yanzu Fari zai ci ta hankali kwance, tur ta zo d1, sarki ya hau h2, Baƙi ya yi asarar sarauniya a banza. Maida sojan h2, sannan ka matsa na Baƙi daga h7 zuwa h6. A wannan karon hanyar nan da ta kashe Baƙi ta zama mai ci: eshek a b1, sarauniya f1, tur d1, Fari ya ba da eshek a c8, sarki ya hau h7, sarauniyar Fari kuma ba ta da mafita sai ta tafi a kan tur.

Daga nan ka ƙara wa Baƙi fu a d6 bayan ka mayar da sojan Fari h3, ka matsar da tur ɗinsa e8, ka cire sojan e3, ka kai sarauniyar Fari d2 don kada ta fuskanci tur ɗin, ka nemo da kanka ko sarauniyar Fari na iya barin gadin e1. In kuna biyu a fada, ɗaya ya jera tsayuwa irin wannan yana canza soja guda ko gurbin fu, ɗayan ya faɗi abu uku kafin ya taɓa komai: gidan shiga, yawan mahara da masu gadi, da gidan da sarki zai fita in an ba shi eshek. Sai ku yi musayar kujera.